Yadda ake gane hannun wuri a cikin shawarar tauraron labari

Idan aka tambayi ɗalibi a ina labari ya faru, yakan rubuta layi ɗaya, ya ce a wani ƙauye ne cikin damina, ya wuce zuwa jigo. Wannan amsa daidai ce, amma ba ta taɓa aikin da wuri yake yi a cikin labari ba. A littafin da aka rubuta da kyau, wuri da lokaci su ne suke yanke wa tauraro yawan hanyoyin da ke gabansa, kuma su ne suke sa wa kowace hanya farashi. Wanda bai lissafa wannan ba zai yi ta yanke wa mutanen labari hukunci bisa kuskure: ya kira wannan matsoraciya, ya kira wancan azzalumi, alhali bai ga katangar da ta tsare su ba.

Ga hanyar da nake bi. Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan yi aikin a kan wani gajeren labari da na tsara don wannan darasi kawai. Ba daga littafin kowa na ɗauko shi ba.

Labarin da za mu yi aiki a kai

Hanne tana aure a wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja, wajen Auyo. Mijinta ya rasu cikin bazara, ya bar ta da 'ya'ya uku, maza biyu da mace ɗaya. Gidan na gandu ne: wan mijin da ƙanin mijin, Idi, da uwarsu duk suna ciki, ana noma gona ɗaya ta fadama, ana ci daga rumbu ɗaya. Ta gama takaba a tsakiyar Agusta. Mutum biyu suka fito. Ɗaya Habu ne, direban da yake ɗaukar shinkafa zuwa Kano, wanda ya so ta tun tana budurwa, ita ma marubucin ya nuna mana ba ta manta da shi ba. Ɗayan Idi ne, wanda ba ta taɓa yi wa kallon miji ba. Ta zaɓi Idi.

Mai karatu da yawa a nan yake ajiye littafi cikin haushi, ya ce ta ci amanar zuciyarta. To bari mu bi a hankali.

Mataki na farko: nemo wurin da aka yanke shawara

Kada ka fara da shafukan da aka siffanta gari. Fara da inda wani ya zaɓi abu ya bar wani. Littafi mai shafi ɗari biyu ba ya rasa irin waɗannan wurare uku ko huɗu masu nauyi: an amince da aure ko an ƙi, an bar gari ko an zauna, an sayar da gona, an tona asiri ko an binne shi. Zaɓi guda ɗaya, ka rubuta shi a jimla ɗaya mai ɗauke da abin da aka ɗauka da abin da aka bari. A namu: Hanne ta auri Idi ta zauna, ta bar Habu da Kano. Idan ka kasa rubuta rabin jimlar na biyu, wato abin da aka bari, to ba shawara ka kama ba, abu ne kawai ya faru da tauraron, sai ka nemi wani wurin.

Mataki na biyu: koma baya ka tattara abin da marubucin ya ce game da wurin

Yanzu ka koma farkon littafin da fensir. Duk inda aka ambaci ƙasa, ruwa, hanya, gini, kasuwa, wata ko yanayi, ka sa alama. Abin da nake so ka kula da shi shi ne, mafi amfanin waɗannan bayanai ba a cikin dogon siffantawa suke ba. Suna ɓoye cikin maganar mutane da ƙananan ayyukansu. Duba wannan:

Da asuba Inna ta leƙo ɗakin ta tarar Hanne tana ɗora buhun gero a kan turmi biyu da ta kifa. "Ke 'yar nan, har ya shigo ne?" Hanne ta ce, "Bai shigo ba, Inna, amma ƙasan ta fara tsattsafo. Yaya ya ce jiya sun kwana a jinga." Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "Mai kwalekwalen ma ya ƙara kuɗi."

Babu inda aka ce ambaliya ta kewaye garin, amma an faɗa mana abu huɗu. Ruwa yana tasowa ta ƙarƙashin ɗaki, wato ginin ƙasa ne a kwari. Maza suna kwana suna tare ruwa da buhunan ƙasa, wato duk namijin gidan yana da aikin da ba zai bari ba. Hanyar mota ta yanke, sai kwalekwale. Abincin da ya rage kuwa ya koma abin da mace ɗaya za ta iya ɗagawa ta ɗora a kan turmi. Ka rubuta kowanne da lambar shafinsa, domin da su za ka kafa hujja daga baya.

Ka haɗa da lokaci, domin wuri ɗaya ba ya zama iri ɗaya duk shekara. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Marubucin da ya kashe mijin a farkon Afrilu ya san cewa za ta fita a tsakiyar Agusta, lokacin marka, lokacin da hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, kuma kogi ya cika. Ba sa'a ba ce. Ya ajiye ranar shawarar ne a kan watan da ya fi kowanne ƙunci.

Mataki na uku: jera hanyoyin, ka sa wa kowacce farashi

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka daɗe. Rubuta duk abin da tauraron zai iya yi, har da wanda littafin bai ambata ba, sannan ka tambayi kowanne: me wurin nan yake karɓa a hannun wanda ya bi wannan hanya?

Hanne za ta iya auren Habu ta koma Kano. Farashin farko shi ne 'ya'ya. A fiƙihun Malikiyya, uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara, amma idan ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan tashi daga hannunta ya koma wajen mahaifiyarta. A al'adar ƙauyukanmu kuma abin da aka fi gani shi ne dangin uba su riƙe 'ya'yansu, musamman maza, su ce ba za su je agolanci ba. Idi kuwa baffan yaran ne, muharraminsu ne, don haka aurensa bai taɓa riƙon ba, ta fuskar shari'a ko ta al'ada. Wannan kaɗai ya sa hanyoyin biyu ba nauyinsu ɗaya ba.

Farashi na biyu shi ne gona, kuma a nan ne masu karatu na birni suka fi yin tuntuɓe. Sukan ce ai a raba gado, ta karɓi tumuninta, a ba uwar mamaci sudusinta, sauran na yara, kowa ya kama gabansa. A takarda haka ne. Amma gonar ta gandu ce, tun rasuwar mahaifin su Idi ba a raba ta ba. Kafin a fitar da rabon marayu sai an fara fitar da rabon ubansu daga cikin na 'yan'uwansa, sai an kira dattawa da mai gari an taka iyaka. A watan Agusta iyakar tana ƙarƙashin ruwa. Ko da an raba, fadama ba abin da za a naɗe a sa a mota ba ne. Amfaninta na wanda yake kusa ne, wanda zai yi noman rani idan ruwa ya janye, ya sa ido a kan injin ban ruwa, ya kori tsuntsu daga shinkafa. Idan Hanne ta tafi, rabon 'ya'yanta yana hannun baffanninsu, ita kuma sai abin da aka aiko mata da labari. Idan ta zauna, tana gani da idonta buhu nawa aka ɗauko.

Za ta iya komawa gidan iyayenta, a ce a wani ƙauyen tudu wajen Gumel. Can ba ambaliya, amma ƙasar jigawa ce, noma sau ɗaya a shekara, gero da wake da riɗi, kuma a Agusta su ma rumbunsu ya yi ƙasa. Za ta isa da baki huɗu a watan da ake auna tuwo. Za ta iya kuma ta ƙi aure gaba ɗaya ta zauna a ɗakinta. Sai ka tambayi ginin gidan: bazawara mai ƙuruciya, a tsakar gida ɗaya da ƙanin miji, a garin da kowa ya san wanda ya shiga zauren kowa. Wata nawa za a yi kafin magana ta tashi? Ƙaramin gari yana da ido, kuma wannan ido yana cikin abin da ake nufi da wuri, daidai da kogi.

Da ka gama wannan lissafi za ka ga cewa hanyoyi huɗu ne a baki, amma wurin ya tsawwala wa uku kuɗi. Bai rufe su ba. Wannan bambanci yana da muhimmanci, kuma zan dawo kansa.

Mataki na huɗu: sauya abu ɗaya ka gani

Wannan shi ne gwajin da yake nuna ko wurin yana aiki ko ado ne kawai. Ɗauki labarin ka canza abu ɗaya tak daga cikin wuri ko lokaci, ka bar mutanen da halinsu yadda suke, ka duba ko shawarar za ta tsaya.

Matsar da rasuwar zuwa Agusta, takaba ta ƙare a Disamba. An yi girbi, rumbu ya cika, hanya ta bushe, motar Habu tana iya zuwa har ƙofar gida, ana iya taka iyakar gona a raba. Komawa gidan iyaye ma ta yi sauƙi, domin ba a jin nauyin baƙo da kaka. Yanzu auren Idi ya rage ƙarfi sosai, abin da ya rage masa shi ne maganar riƙon yara. Ka ga ke nan kusan rabin nauyin shawarar wata ne ya ɗauke shi.

Mayar da watan yadda yake, ka ɗauke garin ka kai shi wajen Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake bi ta hanyoyin ban ruwa, ga kuma titin Kano zuwa Zariya kusa. Gona a nan tana da masu neman haya da kuɗi a hannu, kuma daga Kano mace za ta iya zuwa da safe ta duba ta koma da yamma. Auren Habu bai raba ta da gonar 'ya'yanta ba. Abin lura, kogin kusan ɗaya ne: ruwan da aka tare a Tiga tun 1974, da na Challawa daga baya, shi ne yake gangarawa ya zama kogin Haɗeja. Na sama yana samun ruwa a ma'auni, na ƙasa yana samun abin da aka sako, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa tana watsa shi cikin gonaki da gidaje. Marubucin da ya zaɓi ƙasan kogi maimakon samansa ya zaɓi irin matsin da yake so ne.

Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Idan ka kai Hanne birni kuma ka ba ta aikin albashi, shawarar za ta canza, amma ba za ka san wanne ne ya canza ta ba.

Idan kuwa ka sauya wata, ka sauya gari, ka ga komai na labarin yana nan daram, to wurin ba ya aiki. Akwai littattafai da yawa haka. Za a ce ƙauye ne, a ambaci bukka da kukan zakara, amma yarinya ta fita da dare ta dawo ba wanda ya gani, saurayi ya je Kano ya dawo sau uku a yini a tsakiyar damina, ba a taɓa jin kuɗin mota ko aikin gona ya hana kowa komai ba. Wannan labarin birni ne aka sa masa sunan ƙauye. Faɗin haka a nazari ba cin fuska ba ne, sakamakon gwaji ne, matuƙar ka kawo shafukan.

Mataki na biyar: abin da ya rage bayan an cire na wuri

Yanzu ga inda nake ganin masu nazari suna wuce gona da iri. Da mutum ya gano ƙarfin wuri, sai ya ɗora masa komai, ya ce talauci ne, ya ce ambaliya ce, kamar Hanne kara ce da ruwa ya ɗauka. Wannan yana kashe labarin, kuma yana rage wa mutanen karkara daraja, kamar ba su da ra'ayin kansu. Wuri yana sa farashi ne, mutum ne yake yanke abin da zai iya biya.

Hanyar gane rabon hali ita ce ka nemi wani a cikin littafin da yake cikin matsi iri ɗaya amma ya yi dabam. Marubuta masu gwaninta kusan kullum suna ajiye irin wannan mutum a gefe. A ce a labarinmu akwai maƙwabciya da mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ta bar yaranta wajen kakarsu ta yi aure a Haɗeja, tana zuwa da sabulu da 'yan kuɗi duk ranar da ta samu. Kogi ɗaya, al'ada ɗaya, hanya dabam. Kasancewarta a littafin yana gaya mana cewa ƙofar tana buɗuwa, Hanne ce ta ga kuɗin ya fi ƙarfin abin da za ta iya rabuwa da shi. Daga nan ne za ka iya cewa wani abu game da halinta da hujja: mace ce da ta fi iya haƙura da son ranta a kan ta haƙura da ganin 'ya'yanta kullum. Maƙwabciyar kuma ba muguwa ba ce, awonta ne ya bambanta.

Ka kuma duba yadda aka yi zaɓin, ba zaɓin kaɗai ba. Idan Hanne ta ce wa wan mijinta, "Yaya, na amince, amma in ruwa ya janye a taka wa yaran nan nasu a gaban mai gari kafin a ɗaura," to ta karɓi abin da wurin ya tilasta, ta kuma yi ciniki a cikinsa. Ta san ruwan zai janye wajen Oktoba, ta san a lokacin ne iyaka take fitowa, ta ɗaura sharaɗinta a kan kalandar kogin. Mutumin da ya san wurinsa haka yana amfani da shi, ba wurin kaɗai yake amfani da shi ba.

Kurakurai biyu da za ka tsare

Na farko ya fi kama mu da muka tashi a irin waɗannan garuruwa. Ka san fadama, ka san gandu, sai ka cusa wa littafin abin da bai faɗa ba. Idan marubucin bai nuna ko sau ɗaya cewa gonar ba a raba ta ba, ba ka da ikon kafa hujja da gandu, ko da kuwa a garinku haka ake yi. Saninka na wurin amfaninsa shi ne ya sa ka gane alamar da aka ajiye, kamar buhu a kan turmi. Alamar dai dole ta kasance a shafi. Hanyar kama kanka mai sauƙi ce: duk jimlar da ka rubuta game da wurin, ka ga ko akwai lambar shafi a gefenta. Wadda ba ta da shi, taka ce, ba ta marubucin ba.

Na biyu shi ne mantawa da zamani. Ƙauyen Jigawa na shekarar farin 1984, lokacin ma ana cikin tsohuwar jihar Kano tunda sai 1991 aka ƙirƙiri Jigawa, ba shi ne na yau ba. A wancan lokacin wanda ya tafi cin rani ya tafi ke nan sai wasiƙa ko saƙon baki. Yau akwai waya a hannun kusan kowa, akwai babur mai shiga inda mota ba ta zuwa, ana turo kuɗi a karɓa wajen mai POS a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Nisa ya ragu, don haka farashin tafiya ya sauka. Hanne ta yau za ta iya jin muryar 'ya'yanta kullum daga Kano. Idan littafin bai faɗi shekara ba, nemi alamunta: irin kuɗin da ake kashewa, abin hawa, fitilar da ake kunnawa, yadda saƙo yake isa.

Yadda za ka rubuta sakamakon

Idan don jarrabawa ne ko don tattaunawa a ƙungiyar masu karatu, sakin layi ɗaya ya isa, amma ya ƙunshi abu huɗu a jere: shawarar, abin da wurin ya tsawwala tare da shafukan, sakamakon sauyin da ka gwada, da abin da ya rage na hali. Ga yadda na Hanne zai kasance:

Hanne ta auri Idi ta bar Habu. Marubucin ya sa ƙarshen takabarta a Agusta, lokacin da ruwa ya yanke hanya, abinci ya ƙare, gonar gandu kuma take ƙarƙashin ruwa ba a iya raba ta, don haka tafiya tana nufin barin yara da gadonsu a hannun wasu. Da a Disamba ne, ko da garin yana bakin titi wajen Kura, yawancin wannan matsi zai faɗi, abin da ke nuna wata da kogi suna cikin dalilan shawarar. Amma maƙwabciyarta ta tafi a cikin hali irin wannan, ita kuma ta zauna bisa sharaɗin a raba wa marayu gona idan ruwa ya janye, saboda haka zaman nata zaɓi ne, kuma ta yi shi ne don ta tsare rabon 'ya'yanta.

Sai ka ɗauki shawara ta biyu a littafin ka sake bin matakan. Idan ka ga abu ɗaya na wurin, a ce kogin nan, yana fitowa a lissafin shawara ta biyu da ta uku, ka bi shi har ƙarshen littafin ka rubuta wa ya hana tafiya, wa ya ba dama, da kuma a wane babi ne marubucin ya bar shi ya janye.